Kurakuran da aka fi yi wajen saita PTR na sabar imel

Idan sabarka ta buga wa wata saba ƙofa don miƙa saƙo, abu na farko da mai karɓa yake gani shi ne adireshin IP da haɗin ya fito daga gare shi. Bai san sunanka ba tukuna. Sai ya tambayi DNS, tsarin da ke haɗa sunaye da adiresoshi a intanet, sunan da ke kan wannan adireshi, amsar kuma tana fitowa ne daga rikodin PTR. Idan ya sami suna, sai ya sake tambayar adireshin da wannan sunan yake nunawa, ta rikodin A ko AAAA. In adireshin da ya fara gani yana cikin amsar, binciken ya cika. Kusan duk kuskuren da ake yi yana faruwa ne saboda mai saitawa ya fara tunani daga sunan domen ɗinsa, alhali mai karɓa daga adireshi yake farawa.

Bari mu ɗauki saba mai suna `mail.example.com` da adireshi `203.0.113.25`. Umarni biyu ne ke nuna ko komai na daidai:

```
dig -x 203.0.113.25 +short
dig mail.example.com A +short
```

Na farko ya kamata ya dawo da `mail.example.com.`, na biyu kuma `203.0.113.25`. Daga watan Fabrairu na 2024 Gmail ya sanya wannan daidaito cikin sharuɗɗan da yake gindaya wa duk mai aiko masa da saƙo, komai ƙanƙantar sabarsa, kuma saƙon da ya ƙi saboda haka yakan dawo da lamba `550 5.7.25`.

Rubuta PTR a inda ba mai dubawa

Wannan ne ya fi yawa. Mutum ya shiga shafin kamfanin da ya sayi domen, ya ga PTR a cikin jerin nau'ikan rikodi, ya zaɓe shi, ya rubuta adireshinsa, shafin kuma ya karɓa ba gardama. Bayan kwana biyu saƙonni na ci gaba da dawowa. Dalili shi ne ba a cikin `example.com` ake neman PTR ba. Ana juya lambobin adireshin ne su koma baya, a liƙa musu `in-addr.arpa`, wato sunan da ake tambaya shi ne `25.113.0.203.in-addr.arpa`. Ikon wannan reshe yana hannun wanda ya mallaki adireshin: kamfanin da ya ba ka hayar saba, ko mai ba ka intanet. Shi aka miƙa wa ikon daga hukumar rabon adireshi ta yankinsa, irin su RIPE NCC, ARIN ko AFRINIC. Rikodin da ka rubuta a wajen mai sayar da domen yana nan zaune, sai dai babu sabar da za ta taɓa zuwa ta tambaye shi.

Gyaran shi ne ka goge wancan, ka shiga shafin kamfanin da ke da adireshin, ka nemi wurin da aka rubuta `Reverse DNS` ko `rDNS`. In ba su da wurin, sai ka rubuta musu buƙata, ka ambaci adireshin da cikakken sunan da kake so. Idan ba ka da tabbacin wane ne mai ikon, `dig -x 203.0.113.25 +trace` zai nuna maka sabobin suna da aka miƙa wa reshen. Ka fara sanya rikodin A kafin ka nemi PTR, domin kamfanoni da dama ba sa karɓar sunan da bai riga ya nuna adireshin ba. Layin intanet na gida kuwa, wanda adireshinsa ke sauyawa, da wuya a yarda a canza maka PTR ɗinsa. A nan mafita ita ce ka riƙa tura saƙonninka ta wata sabar da ke da adireshi tsayayye.

Gyara adireshin da ba shi ke fita ba

Rikodin MX yana faɗin inda saƙo ke shigowa ne kawai. Adireshin da saƙo ke fita da shi yana iya zama daban, kuma shi mai karɓa yake bincika. Saba mai adireshi biyu, ko wadda ke bayan NAT, wato na'urar da ke sauya adireshi a kan hanyar fita, tana iya karɓa a `203.0.113.25` amma ta fita da `203.0.113.40`. Mai saitawa zai yi ta gwada na farko yana ganin komai lafiya, matsalar kuwa tana kan na biyu.

Kada ka yi hasashe. Aika saƙo zuwa wani akwati da ke kan wata saba daban, ka buɗe cikakkun kanun saƙon, ka karanta layin da mai karɓa ya rubuta. Idan manhajar sabar imel ta Postfix ce a can, zai yi kama da haka:

```
Received: from mail.example.com (unknown [203.0.113.40])
```

Sunan farko shi ne wanda sabarka ta faɗa da bakinta. Abin da ke cikin baka shi ne abin da mai karɓa ya tabbatar da kansa, kuma `unknown` na nufin ko dai babu PTR, ko akwai amma sunan bai dawo kan adireshin ba. Ko ka saita PTR da A ga `203.0.113.40`, ko ka tilasta wa Postfix fita da adireshin da ka riga ka gyara:

```
smtp_bind_address = 203.0.113.25
```

Wannan layi yana aiki ne idan adiresoshin biyu suna kan sabar kanta. Idan NAT ne ke sauya adireshin, a kan na'urar da ke yin NAT ɗin za a yi gyaran.

IPv6 na shigowa ta wannan ƙofar, kuma shi ya fi ruɗa mutane. Sabobin haya da yawa suna zuwa da adireshin IPv6 a kunne, mai ita ma bai lura ba. Idan mai karɓa shi ma yana da IPv6, sabarka tana iya zaɓar wannan hanya, sai a bincika adireshin da ba a taɓa yi wa PTR ba. Alamarsa ita ce wasu wurare na karɓar saƙonka, Gmail kuma na ƙi, ko ya karɓi wani ya ƙi wani, kuma a cikin saƙon ƙin za ka ga dogon adireshi mai alamomin `:`. PTR na IPv6 yana ƙarƙashin `ip6.arpa`, inda ake warware adireshin zuwa haruffa 32, a juya su, a raba kowane da ɗigo. Kada ka rubuta wannan da hannu, sifili ɗaya ya ɓace shi ke nan. Umarnin `dig -x 2001:db8::25` zai nuna maka sunan a shirye a sashen tambaya. Sannan ka tuna da rikodin AAAA na `mail.example.com`, don ba tare da shi ba zagayen bai rufe ba. Idan ba za ka iya samun PTR na IPv6 ba, kashe shi a Postfix da `inet_protocols = ipv4` ka sake tayar da sabar. Wannan ya fi barin sa a buɗe ba gyara.

PTR na nan, amma sunan bai dawo gida ba

Wani zai sa PTR ya nuna `example.com` kawai, alhali wannan sunan yana nuna sabar shafin yanar gizo da ke wani adireshi. Wani kuma `mail.example.com` ɗinsa yana bayan kamfanin da ke kare shafuka, wanda ke amsa tambayar A da nasa adireshin don ɓoye na asali. Duka biyun sakamakonsu ɗaya: PTR ya ba da suna, sunan ya kai wani wuri. Sunan sabar imel yana buƙatar rikodin A na kai tsaye, ba CNAME ba, kuma a kashe masa duk wata ɓoyewa.

Barin sunan da kamfanin haya ya sa tun farko, mai ɗauke da lambobin adireshin a cikinsa, yana iya cin wannan binciken. Sai dai matatun saƙonnin banza da yawa suna kallon irin wannan suna a matsayin alamar kwamfutar gida, su rage wa saƙon daraja.

Masu domen da yawa a kan saba ɗaya sukan so kowane domen ya sami PTR nasa a kan adireshin. DNS bai hana ba, amma ba ka da iko a kan wanda mai karɓa zai ɗauka, sai sakamako ya riƙa sauyawa daga saƙo zuwa saƙo. Adireshi ɗaya, suna ɗaya. Ba a buƙatar PTR ya yi daidai da domen da ke cikin `From:`. Saba mai suna `mail.example.com` tana iya aika wa `example.org` saƙo lafiya ƙalau, aikin SPF da DKIM ne su tabbatar da wannan izini. Abin da ya kamata ya yi daidai da PTR shi ne sunan da sabar ke gabatar da kanta da shi a `EHLO`. A Postfix yana fitowa daga `myhostname`, kuma `postconf myhostname` zai nuna maka shi. Idan ka ga `localhost` ko guntun suna marar domen, gyara shi ya koma `mail.example.com`.

Ga masu riƙe da reshen da kansu

Idan an miƙa maka ikon `113.0.203.in-addr.arpa` kana gudanar da shi da manhajar sabar suna ta BIND, ɗigon ƙarshe ne tarkon:

```
25  IN  PTR  mail.example.com.
```

In ka manta shi, BIND zai liƙa sunan reshen a baya, amsa ta zama `mail.example.com.113.0.203.in-addr.arpa.`. `named-checkzone` ba zai yi ƙorafi ba, domin a ƙa'ida rubutun daidai yake, sai `dig -x` ne zai tona. Bayan kowane gyara ka ƙara lambar siriyal ta SOA, rikodin da ke farkon fayil ɗin reshen, in ba haka ba sabobin suna na biyu za su ci gaba da ba da tsohuwar amsa. Wanda rabonsa bai kai adireshi 256 ba, misali `/28` mai 16, ba zai iya ƙirƙiro wannan reshe a sabarsa ya ce nasa ne ba. Sai mai babban rabon ya miƙa masa ta hanyar CNAME, yadda RFC 2317 ya tsara.

Gaggawar yanke hukunci

An gyara, an gwada nan take, an ga tsohuwar amsa, sai a sake taɓa abin da ya riga ya daidaita. Sabobin da ke amsa tambayoyi suna ajiye amsa har tsawon TTL ɗinta, wato wa'adin ajiya da aka sa mata, kuma TTL na sakan 86400 kwana ɗaya ne cur. Har amsar "babu wannan suna" ana ajiye ta, gwargwadon lokacin da SOA na reshen ya kayyade. Don ganin gaskiyar abin da ke nan yanzu, tambayi sabar da ke da ikon kai tsaye, wadda `+trace` ya nuna maka, ta hanyar ƙara `@` da sunanta a umarnin `dig`. In amsarta daidai ce, jira kawai ya rage.

Saƙonnin da aka ƙi da lamba mai farawa da 4, kamar `450`, suna nan a layi, kuma Postfix yana ci gaba da gwada su har kwana 5 idan ba a sauya saitinsa ba. `postqueue -p` zai nuna su, `postqueue -f` kuma ya sake tura su bayan gyaran ya bazu. Waɗanda aka ƙi da `550` sun riga sun koma wa masu su, sai an sake aika su daga farko.