Kurakuran da ke lalata kahraman da murjani a hannun masu gwada su

Na gaji da ganin duwatsun wuya masu daraja da tabon ƙuna a jikinsu. Kusan duk wanda ya fara harkar nan, abu na farko da ake koya masa shi ne ya gasa allura a wuta ya soka wa dutsen kahraman, wai in ya ji ƙamshin ƙaron itace na gaske ne, in ya ji warin roba na jabu ne. Gwajin yana aiki, amma me ya rage bayansa? Kahraman ƙaron itace ne da ya daskare cikin ƙasa shekaru miliyoyi, yana da taushi, zafi kuma yana fasa shi. Ramin allura ba ya gogewa. Akwai ma tsohuwar roba mai suna seluloyid wadda ke kamawa da wuta nan take. Ni ba na yin wannan gwaji, ba na kuma yarda a yi shi a kan kayana.

Abin da nake yi shi ne ruwan gishiri. Na cika kofi da ruwa, na riƙa zuba gishiri ina motsawa har ya daina narkewa. Kahraman ya ɗara ruwan sha nauyi kaɗan, kamar 1.05 zuwa 1.10 idan ruwa 1 ne, don haka yana nutsewa a ruwan sha, yana tasowa a ruwan gishiri. Bakalayit, robar da Leo Baekeland ya ƙirƙiro a 1907, wadda aka yi ɗimbin manyan duwatsu ruwan zuma da ita, ta fi nauyi, sai ta zauna a ƙasan kofin. Dutse ɗaya ake cirewa a gwada. Kada ka tsoma zaren gaba ɗaya, gishiri zai shige shi ya ruɓar da shi. Ka girgiza dutsen cikin ruwan iskar da ke raminsa ta fita, bayan nan ka ɗauraye shi da ruwa mai kyau.

Tasowa kaɗai ba hujja ba ce, a nan mutane da yawa ke faɗawa. Ƙaron da bai tsufa ba, wanda ake kira kofal, yana tasowa, haka ma wasu robobi marasa nauyi. Sai ka ƙara da ido: siririn layi da ya zagaye dutse alamar an zuba shi a mazubi ne. Ka murza shi da ƙarfi a tafin hannu har ya ɗumama ka shinshina, bakalayit warin magani take yi. Batun goga shi a tufa ya ja guntun takarda kuwa, roba ma tana yin haka.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai na murjani ne. Na taɓa ba wani zaren murjani na gado ya sake mini zare. Don ya kyautata mini, sai ya jiƙa duwatsun a ruwan lemun tsami wai su yi haske. Suka dawo fari-fari, sun yi kaushi, sheƙin da shekaru suka ba su ya tafi. Murjani ƙashin wata halittar teku ne, sinadarinsa irin na alli da bawon ƙwai, duk abu mai tsami cinye shi yake yi. Kumfar da masu gwaji ke murnar gani idan sun ɗiga masa tsami, jikin dutsen ne ke narkewa. Haba jama'a, wane irin gwaji ne wannan? Ɗauke shi a hannu mana. Murjani yana da nauyi da sanyi, roba kuwa shafal take kuma ba ta sanyi. A gilashin ƙara girma za ka ga siraran layuka a jere bisa tsawonsa. Idan ƙananan kumfar iska ka gani a ciki, gilashi ne. Wanda aka rina kuma, jan launin yakan taru a tsaguwa da bakin rami, cikin ramin ya fi fari.

Sauran ƙanana ne. Kada turare ya taɓa su, a fesa ya bushe kafin a saka. Zufa tana dusashe murjani, a goge da ƙyalle mai laushi bayan an cire. Rana da wurin zafi suna tsattsaga fatar kahraman. Kada a haɗa su a gwangwani ɗaya da zinariya ko gilashi, za su karce su.

Tsohon zare kuma ba a jira sai ya tsinke. Da na ga ya saki ko ya fara gashi kusa da maɗauri, sai na ɗauki hotonsa don kada jerin ya rikice mini, na kwance shi a kan tawul. Zaren siliki nake sakawa, da ƙulli tsakanin kowane dutse biyu, don kada su riƙa gugar juna, in ya tsinke kuma ɗaya kaɗai zai faɗi. Waya ba na kusantarta, domin tana cin bakin ramin a hankali har dutsen ya tsage.