Kyanwa a gida halas ce, amma ga inda masu ita suke ɓata zaman maƙwabtaka

Wani kuskuren da ake yi a Maradi shi ne mai kyanwa ya ji malam ya ce ajiye ta halas ne, sai ya ɗauka magana ta ƙare. Halascin gaskiya ne. A cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik an ruwaito cewa Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa ta sha, ya ce Manzon Allah (SAW) ya faɗa cewa ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kewaya mutane a gidajensu. Amma a cikin Muwaɗɗar dai hadisin nan yake da ya hana cuta da cutarwa. Kyanwa ba ta san katanga ba, don haka abin da ta yi a bayan katanga yana wuyan wanda yake ciyar da ita.

Mu fara da tsarki, domin nan ne ake ruɗewa ta ɓangarori biyu. Akwai matar da za ta zubar da randa guda saboda mussa ta sa baki, akwai kuma mai cewa tunda ba najasa ba ce, fitsarinta ma ba komai. Duka biyun sun kauce. A mazhabar Malikiyya jikinta da gashinta da yawunta masu tsarki ne, ruwan da ta sha ana alwala da shi, sai dai in an ga najasa a bakinta, kamar jinin kusun da ta ci yanzu, sannan a duba ko ruwan ya sauya launi ko ɗanɗano ko wari. Fitsarinta da kashinta kuwa najasa ne. Wajen da ake yawan yin sake shi ne tsakar gida mai rairayi: ta yi fitsari, rana ta busar, sai a shimfiɗa tabarma ko a yi salla a wurin kai tsaye. A Malikiyya bushewa ba ta tsarkake ƙasa. Ana kwashe kashin da ƙasar da ke ƙarƙashinsa, sannan a kwarara ruwa mai yawa har alamar ta gushe. To in haka abin yake a gidanka, ka tuna maƙwabciyarka da take yin wannan aikin kullum saboda dabbar da ba tata ba.

Gyaran yana da sauƙi, kuma mutane ƙalilan ne suke yi. A samu tsohuwar roba mai faɗi, a zuba yashi zurfin kamar yatsu huɗu, a ajiye a lungu mai inuwa nesa da murhu da randa da kwanon abincinta. Kyanwa tana neman ƙasa mai laushi da tsabta ne, in ta samu a gida ba ta da dalilin zuwa tulin yashin ginin maƙwabci. A kwashe kashin kowace rana, a sauya yashin duka sau ɗaya a mako, a wanke robar da omo. In aka bar ta ta yi wari, kyanwar za ta ƙaurace mata ta koma inda ta saba. Kwashewar kullum tana da wani amfani kuma: ƙwayar cutar da ke cikin kashin kyanwa, wadda take iya taɓa ɗan da ke ciki, sai ta yi kwana ɗaya zuwa biyar a waje kafin ta iya kama mutum. Mai juna biyu ta bar wa wani wannan aikin. Maganar da ake yaɗawa cewa gashin kyanwa yana hana mace haihuwa kuwa ba ta da tushe.

Wata rigimar da take kai mutane gaban mai unguwa ita ce ta kaji da tantabaru. A ce a Bagalam wani yana da muzuru, maƙwabciyarsa tana da kaza da 'yan tsaki takwas, cikin mako guda uku sun ɓace, yaro kuma ya ga muzurun da ɗaya a baki. Kuskuren mai muzuru shi ne ya ce ai dabba ce, ba ta da hankali, ko ya nemi a kawo masa shaida. Abin da ya dace shi ne ya aika matarsa ko ya je ƙofar gidan da kansa ya ce: "Hajiya, a yi haƙuri, na ji ɓarnar da aka yi. Nawa suka tafi?" Ya biya kuɗin ukun bisa farashin irinsu a kasuwa, ko da za ta ce ta yafe. Malamai da dama sun ɗora biya a kan mai dabbar da aka san tana ɓarna kuma aka gargaɗe shi bai tsare ta ba, don haka bayan ƙorafin farko uzurin rashin sani ya ƙare.

Bayan biya sai hana maimaituwa. Kyanwa ta fi farauta da asuba da kuma magariba, saboda haka a kulle ta a ɗaki ko zaure daga kiran magariba har rana ta fito, da ruwa da robar yashinta. A ba ta abinci mai nama ko kifi da yamma, domin tuwo da fura ba sa ƙosar da ita, kuma tunanin cewa a bar ta da yunwa don ta fi kama kusu shi ne yake tura ta akurkin mutane. Ƙoshi yana rage farauta amma ba ya kashe ta, shi ya sa ya kyautu mai muzurun ya taimaka da ragar waya mai ƙananan idanu a rufe akurkin har 'yan tsakin su yi ƙarfi. Kullewar nan tana da iyaka: Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba.

Sai yawan haihuwa. Cikin kyanwa kwana 63 zuwa 65 ne, tana iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida, ta haihu sau biyu ko uku a shekara. Zuba 'ya'yan a buhu a jefar a bola ko ƙofar masallaci zalunci ne gare su, kuma ɗora wa wata unguwa nauyi ne. A bar su su sha nono har mako takwas sannan a ba masu so. Muzurun da ke kukan dare da fesa fitsari a ƙofofin mutane, fiɗiya a wurin likitan dabbobi tana rage masa wannan sosai, kuma malamai da yawa sun yarda da ita in don kawar da cuta ne. A wurin likitan ne kuma za a yi wa kyanwa allurar cutar haukan kare tun tana wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likitan ya faɗa. In ta ciji ko ta yagi ɗan maƙwabci, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a kai shi asibiti a ranar, kuɗin kuma daga aljihun mai kyanwa.

Akwai maƙwabcin da tsoro ne damuwarsa, musamman ga baƙar kyanwa, wadda wasu suke dangantawa da aljanu ko maita. Yi masa dariya ko jifansa da hadisi ba ya cire tsoron, sai dai ya jawo a sa mata maganin kusu a ɓoye, abin da yake kashe kaji kuma yake iya kaiwa ga yara. A ɗaura mata ƙyalle mai launi a wuya, sako-sako yadda zai zame in ya maƙale a reshe, domin kowa ya san ta gidan wane ce. A faɗa wa maƙwabcin cewa in ta shigo ya watsa mata ruwa kawai, ba dutse ba, ba ruwan zafi ba. In an maimaita mata haka sau da yawa, galibi takan daina bin wannan katangar.