Yadda ake gyara kuskuren lissafi da jonal ba tare da an mayar da asusun saspens juji ba

Duk yaron da na koya wa aikin akawu, a wuri ɗaya yake tuntuɓe. Ƙarshen wata ya zo, ya haɗa tirayal balas, wato jerin abin da ya rage a kowane asusu da ake tarawa gida biyu don a ga ko sun zo ɗaya, sai ɓangaren debit na hagu da na kiredit na dama suka ƙi daidaita. Sai ya buɗe asusun saspens, wato asusun wucin gadi da ake ajiye bambancin kafin a gano asalinsa. Har nan bai yi laifi ba. Laifin yana farawa ne washegari, lokacin da duk kuskuren da ya ci karo da shi sai ya tura ta cikin saspens, ko kuskuren yana da alaƙa da asusun ko ba shi da ita. Kafin mako ya ƙare asusun ya zama juji, shi kansa bai san abin da ke ciki ba.

Zan yi misali da wani shagon taki da maganin feshi a Jega, inda na taɓa duba littattafai a ƙarshen watan Yuni, daidai lokacin da manoma ke rububin taki. Jimillar debit ta tashi naira 9,487,500, ta kiredit kuma 9,454,500. Kiredit ya gaza da naira 33,000.

Abu na farko, ka sa bambancin a ɓangaren da ya gaza. Tunda kiredit ne ƙarami, sai ka buɗe shafi a leja, wato babban littafin da kowane asusu ke da shafinsa a ciki, ka rubuta masa saspens, ka sa 33,000 a kiredit tare da kwanan wata. Wannan shigarwa ba ta da abokiyar tafiya, ƙafa ɗaya gare ta, domin ramin da ake cikewa ma ƙafa ɗaya ce ta haƙa shi. Kada ka ɗauka kuskuren naira 33,000 kake nema. Wannan adadi ragowa ce kawai bayan kurakurai sun cinye juna, kamar yadda za ka gani.

Mai shagon ya ce mini: “Malam, dubu talatin da uku ai kuɗin mai ne, a share kawai.” Na ce: “Alhaji, a yi mini haƙuri zuwa jibi, ba mu san abin da ke ƙarƙashinta ba.”

Abu na biyu, ka ajiye abin goge rubutu. Ni dai duk wanda na kama ya shafa farin ruwan gogewa a leja, ko ya kankare lamba da reza, ranar sai mun yi. Kuskuren da ya riga ya shiga leja da jonal ake gyara shi, wato littafin da ake fara rubuta gyaran kafin a kai shi leja. Ga abin da ake sawa: kwanan wata, asusun da za a yi wa debit, wanda za a yi wa kiredit, sannan layi ɗaya na bayani da lambar rasit ko shafin da aka samo matsalar. Odita, wato mai binciken littattafai, idan ya zo, layin bayanin nan yake fara karantawa.

Yanzu ga inda nake so ka zauna da kyau. Duk kuskuren da ka gano, kafin biro ya taɓa jonal, ɗauki takardar banza ka amsa tambaya uku. Me aka rubuta a debit da kiredit? Me ya kamata a rubuta? Me za a ƙara ko a rage domin na farko ya koma na biyu? Sai ka dubi amsar farko. Idan debit da kiredit na abin da aka rubuta sun yi daidai da juna, ko da a asusun da bai dace ba suka faɗa, to kuskuren bai taɓa tirayal balas ba, saspens ba shi da hurumi a ciki. Idan kuwa ba su yi daidai ba, saspens ne zai karɓi ƙafar da ta rage.

Kuskuren farko da muka gano a Jega na tarawa ne. Littafin cinikin bashi an tara shi da hannu, aka yi kuskuren naira 100,000 wajen ɗauko jimilla daga wani shafi zuwa na gaba. Kowane kwastoma an rubuta masa bashinsa daidai daga takardar kayansa, amma jimillar da ta tafi asusun ciniki ta gaza. Ke nan debit ya cika, kiredit bai cika ba. Ga gyaran, Dr na nufin debit, Cr kuma kiredit:

```
Dr  Saspens   100,000
    Cr  Ciniki    100,000
```

A nan ne hankalin yaron shagon ya tashi. Da can saspens yana da kiredit na 33,000, yanzu ya juya ya zama debit na 67,000. Ya ce: “Malam, ai mun ƙara ɓatawa.” Ba mu ɓata ba. Bambanci ya girma ko ya sauya ɓangare bayan gyara na gaskiya, alama ce cewa akwai wani kuskuren da ke jan igiyar ta ɗaya gefen. Yara da yawa a nan suke soke gyaran da yake daidai domin sun ga lamba ta ƙaru.

Na biyu, wani manomin albasa daga Aliero ya kawo naira 86,000 cikin bashin da ake bin sa. Littafin kuɗi ya nuna 86,000, amma a shafinsa na leja an rubuta 68,000. Lambobi sun yi musanyar wuri. Asusun kuɗi lafiyarsa ƙalau, kada ka taɓa shi. Shafin manomin ne ke neman ƙarin kiredit na 18,000, sai a yi wa saspens debit na 18,000. Da ba a gano ba, da an je ana bin bawan Allah bashin da ya riga ya biya, ga rasit a aljihunsa.

Irin wannan musanya tana da tambari: bambancinta kullum yana rabuwa da 9 ba saura. 18,000 raba 9 ya ba da 2,000. Amma dabarar tana aiki ne kawai idan kuskure ɗaya ya rage. Mun raba 33,000 da 9 tun farko, ba ta rabu ba, domin kurakurai uku ne a cuɗe. Shi ya sa nake cewa kada ka dogara da dabara, ka bi shigarwa ɗaya bayan ɗaya daga littafin kuɗi zuwa leja, kana yin alama da fensir.

Bayan gyara na biyu saspens ya tsaya a debit na 85,000. Ga dabara ta biyu: raba bambancin gida biyu, ka nemi wannan adadi a littattafai. Rabin 85,000 shi ne 42,500, kuma kuwa mun same shi. Wani kwastoma ya dawo da katan na maganin feshi na naira 42,500. An rage masa bashi daidai, wato an yi wa shafinsa kiredit. Amma a asusun kayan da aka dawo da su, maimakon debit sai aka sake yin kiredit.

Wannan shi ne kuskuren da ya taɓa cinye mini kwana biyu ina sabon akawu, don haka bari in tsaya a kansa. Hannu yana son rubuta 42,500 a gyaran, tunda shi ne adadin da ke kan takarda. Idan ka yi haka, abin da ka yi kawai shi ne ka soke kiredit ɗin da aka yi bisa kuskure, asusun ya koma sifiri, kamar ba a taɓa dawo da kaya ba. Har yanzu debit na gaskiya bai shiga ba. Kana bukatar 42,500 na sokewa, da wani 42,500 na rubuta abin da ya dace. Mutumin da zai je Birnin Kebbi daga Jega ya kama hanyar Yawuri ya yi kilomita goma, sai ya dawo goman nan kafin ya fara tafiyarsa.

```
Dr  Kayan da aka dawo da su   85,000
    Cr  Saspens                   85,000
```

Yanzu tara shafin saspens. Debit: 100,000 da 18,000, jimilla 118,000. Kiredit: 33,000 na buɗewa da 85,000, jimilla 118,000. Ya rufe. Ja layi biyu a ƙasa. Dubu talatin da ukun da aka so a share, ashe kurakurai ne na sama da naira 200,000 suka danne juna.

Rufewar saspens ba ta nufin littattafai sun tsarkaka. Muna cikin binciken muka ga janareto na naira 450,000 da aka saya wa shago, an rubuta shi a asusun sayen kayan sayarwa, tare da buhunan taki. Debit 450,000, kiredit na banki 450,000, sun yi daidai, tirayal balas bai ko motsa ba. Yaron ya riga ya rubuta saspens a jonal kafin na riƙe hannunsa. Da ya saka, da asusun da muka rufe ya sake buɗewa da 450,000 na ƙarya. Gyaran tsakanin asusu biyu ne kawai: debit ga kayan aiki na shago, kiredit ga sayen kayan sayarwa. Haka abin yake idan an rubuta kuɗin wani kwastoma a shafin mai irin sunansa, ko an manta da takardar kaya gaba ɗaya, ko an rubuta adadi mara daidai iri ɗaya a ɓangarorin biyu. Waɗannan ba tirayal balas ke tona su ba. Takardar bayanin banki, ƙirgar kaya a sito, da kwastoman da ya zo yana faɗa, su ke tona su.

Idan an riga an fitar da riba kafin gyara, sai a sake ta. A shagon nan an ce riba naira 1,200,000 ce. Ƙara 100,000 na ciniki, cire 85,000 na kayan da aka dawo da su, ƙara 450,000 na janareto, ta zama 1,665,000, kafin a cire tsufan janareton, wato raguwar darajarsa saboda amfani. Gyaran manomin Aliero bai shafi riba ba, bashin da ake bi kawai ya rage.

Masu aiki da manhajar lissafi irin su QuickBooks ko Sage ba su cika ganin tirayal balas ya ƙi daidaita ba, domin manhajar ba ta karɓar shigarwa mai ƙafa ɗaya.  A wajen masu manhaja saspens wani aikin yake yi: alat ya shigo, tiransifa ce daga mai POS, ba sunan kwastoma. Yi wa banki debit, saspens kiredit, rubuta kwanan wata da lokacin da kuɗin ya shigo. Ranar da mai kuɗin ya kawo shaidar turawa, yi wa saspens debit, shafinsa kiredit. Kada ka zuba shi a ciniki don ya ɓace maka daga gani, domin idan biyan bashi ne ka ƙirga ciniki sau biyu ke nan. Ni dokata ita ce duk ranar Asabar a buɗe shafin saspens, kowane adadi da ya wuce kwana talatin a ciki a kai wa mai shago a rubuce, ya sa hannu a kan abin da za a yi da shi.