Goge baƙo daga bayan amarya a hoto: inda aikin ke ɓaci

A gidan biki a Damagaram ba a samun bango fili. Ko an tsayar da ango da amarya a kusurwa mafi kyau, sai an ga wani ya leƙo daga baya, ko buta a gefen tabarma, ko kujerun roba jibge, ko babur ɗin ɗan kabu-kabu a bakin zaure. Goge mutum daga hoto ba shi da wuya, yaro ma yana iya yi da waya. Abin da ke tona asiri shi ne abin da mutumin ya bari bayan an cire shi: inuwarsa, gefen jikin da ya taɓa, da facin da aka yi a gurbinsa.

Kafin komai, a tambayi masu hoton. Wanda mai gyara ya ɗauka baƙo ne yana iya zama kawun ango da ya taso daga Magarya ko Mirriya don ɗaurin auren. A goge shi a kai hoto gida, an jawo maganar da gyara ba ya warkarwa.

Kuskuren farko yana faruwa tun ba a fara aiki ba: karɓar hoton da ya bi ta WhatsApp. Wayar da ta ɗauki hoto mai faɗin ɗigo 4000, idan aka turo shi yadda aka saba yakan sauka wajen 1600. Wannan ya isa kallo a waya, amma a takarda, a ɗigo 300 kowane inci, bai kai santimita 14 ba. Matsewar kuma tana murje bakin gyale da gashi, daidai wurin da aikin ya fi bukatar tsabta. A ce wa mai hoton ya turo ta Document, ko a kwafo daga katin kamara. Sannan kada a yi gyara a kan asalin hoton. A Photoshop na Faransanci da aka fi gani a shagunanmu, a buɗe sabon Calque, wato shafi fanko a saman hoton, a saka Échantillon, wato inda kayan gyaran ke ɗibar samfuri, a kan Tous les calques, duk facin ya zauna a shafinsa daban, a iya share shi in ya ɓaci.

Mu ɗauki hoto irin wanda ake yawan kawowa. Tsakar gida a Birni, bayan la'asar, amarya tsaye da farin gyale shara-shara. A bayan kafaɗarta ta hagu wani mutum mai shuɗiyar riga ya tsaya, rabin jikinsa ya ɓuya a bayanta. Bangon na ƙasa ne, da tsaga guda da ta ratsa shi a kwance.

Yawancin masu koyo suna zagaye mutumin da Lasso, su danna Remplissage d'après le contenu, su ce an gama. Wannan umarni yana cike gurbi da abin da ya tsinta a kewaye, kuma amarya tana cikin kewayen. Shi ya sa ake ganin guntun leshi ko wani farin dabbare ya bayyana a jikin bango. Wasu kuma su bi gefen kafaɗar da Correcteur, wanda aikinsa gauraya launin faci da na maƙwabta, sai farin gyalen ya malala cikin bangon kamar an shafi ɗanyen fenti da hannu. Kafaɗar da take da baki tsaf ta koma dishi-dishi, wani lokaci ma ta ragu, amarya ta fito da kafaɗa ɗaya ƙarama.

Maganin shi ne a fara kare amarya kafin a taɓa baƙon. A zagaye ta da Plume a ɓangaren da suka haɗu, a hankali, hoton a buɗe zuwa kashi 200. A mayar da zanen ya zama zaɓi, a ba shi Contour progressif, mai tausasa bakin zaɓin, na ɗigo 1, kada ya wuce 2, sannan a juya zaɓin da `Ctrl+Maj+I`. Yanzu duk abin da aka shafa ba zai hau kanta ba. Sai a ɗauki Tampon de duplication, mai kwafo wani wuri ya buga a wani, a riƙe `Alt` a danna wani wuri mai tsabta a bangon, a rufe mutumin har zuwa bakin kafaɗar. In dole sai an yi amfani da Remplissage d'après le contenu, a cire amarya daga koren yankin da yake ɗibar samfuri, a kuma faɗaɗa zagayen mutumin da ƴan ɗigo ta Sélection, Modifier, Dilater, don kada siririn layin shuɗi ya rage.

Gyalen shara-shara yana da nasa tarko. An cire mutumin, amma shuɗin rigarsa yana nan yana leƙowa ta cikin gyalen, tunda ta cikinsa kamara ta gan shi. Kada a like wurin da bango, gyalen zai yanke. A cire zaɓin da `Ctrl+D`, a buɗe wani Calque, a sa yanayinsa a Couleur, a ɗebo launin gyalen daga ɗaya kafaɗar inda bango ne a baya, a shafa da buroshi mai laushi. Saƙar gyalen za ta zauna, shuɗin ya tafi. In wurin ya fi sauran duhu, a ɗan haska shi kaɗan.

Sai inuwa. Rana ta la'asar tana jefa inuwa doguwa, kuma mutumin da aka goge yakan bar tasa kwance a ƙasa ko jingine da bango. A ƙirga: mutum ɗaya a hoto, inuwa biyu, kowa zai gane. A duba ƙasa ma, domin ƙafarsa ko takalminsa kan fito ta ƙarƙashin zanen amarya. Amma inuwar amaryar kanta a bar ta, in aka haɗa da ita aka goge, sai ta zama kamar an liƙa ta a hoton.

A ganina abin da ya fi ɓata aikin da ya kusa yin kyau shi ne maimaici. Mai gyara ya ɗebi samfuri daga wuri ɗaya ya yi ta bugawa, sai rami ɗaya na bango ya fito sau huɗu a jere. Ido yana kama wannan ko mai kallo bai san sunan abin ba. A riƙa sauya wurin ɗiba bayan an shafa sau biyu ko uku, kuma a ɗebo daga tsayi ɗaya da inda ake cikewa, saboda bangon ƙasa ba launinsa ɗaya ba daga sama zuwa ƙasa, hasken ma yana raguwa daga wannan gefe zuwa wancan. Tsagar nan da ta ratsa bangon ita za a fara haɗawa: a ɗora wurin ɗiba a kanta daidai, a ja ta har ta shige bayan amarya ta fito ɗaya gefen a miƙe, sannan a cike sama da ƙasa. Haka ake yi da bakin tabarma da layin bulo.

In hoton na dare ne, akwai tsakin hatsi-hatsi a ko'ina, facin kuma yakan fito sumul ya bambanta. Filtre, Bruit, Ajout de bruit, kashi 1 zuwa 2 a kan shafin facin kaɗai yakan daidaita su.

Akwai hoton da bai karɓar gogewa. Idan hannun baƙon ya rufe lallen amarya ko aikin wuyan rigar ango, babu inda za a ɗebo abin da kamara ba ta gani ba, sai dai daga wani hoton da aka ɗauka a tsayuwa ɗaya. Idan kuma tarkacen a gefe yake, Recadrage ya fi komai tsabta, a yanke shi kawai. Kafin a kai wurin wanki, a kashe shafin facin a kunna sau da yawa, a duba a kashi 100, sannan a ƙanƙance hoton zuwa girman allon waya, domin dabbaren da ya ɓuya a kusa a nan yake fitowa.