Yadda ake furta -ed da -s a Turanci

Kun ishe ni da tambayar nan wallahi, to doka ɗaya ce, sautin ƙarshe ake bi.

1. Cire -ed ɗin ko -s.
2. Furta sautin da ya rage a ƙarshe. Sauti fa, ba harafi ba, laugh da f take ƙarewa.
3. A -ed, in t ko d ne, ce id: wanted.
4. A jam'i, in s, z, sh, ch ko j ne, ce iz: buses.
5. Sauran kuma, taɓa maƙogwaronka ka sake furtawa.
6. Bai girgiza ba? t ko s: walked, cats.

Hattara, nan ake kwafsawa, walked "wokt" ce gaɓa ɗaya, ba "wokid" ba.

7. Ya girgiza? d ko z: played, dogs.