Darasi na 7: Gyara saƙon neman banki ya dawo da kuɗin da aka cire ba da izini ba

Wata mai sayar da atamfa ta tashi da safe ta tarar da alat biyu a wayarta, an cire mata kuɗi alhali katinta na cikin jaka. Ga saƙon da ta fara rubuta wa bankinta:

"Salamu alaikum. Jiya an cire mini kuɗi masu yawa, ban san dalili ba. Don Allah ku taimaka ku dawo mini da su, ina cikin matsala."

Duk abin da ta faɗa gaskiya ne, amma ma'aikacin da zai karanta ba shi da abin kamawa. Bai san asusun ba, bai san nawa ba ne, kuma idan sai bayan kwana uku saƙon ya iso gabansa, "jiya" ta zama wata rana daban. Abin da zai yi shi ne ya maido mata da tambayoyi, kuɗin kuwa suna ƙara nisa.

Kafin ma a zauna rubutu, a kira banki a toshe katin, don kada a sake cira. Sannan a buɗe alat ɗin, a kwafi abin da ke ciki a takarda.

A fara da rana. A rubuta ranar da aka cire kuɗin da lokacin da alat ya nuna, ko da sai washegari aka gani. A rubuta sunan wata da kalma, wato 4 ga Maris 2025, domin 04/03 wani zai iya ɗaukarsa 3 ga Afrilu. Kuɗin kuma a rubuta su daidai, har kwabo. Idan N18,500.00 aka cire, kada a ce "kusan dubu ashirin", saboda da ainihin adadin ake lalubo cirar a kwamfuta. In sau biyu aka cira, kowace cira ta samu nata layin.

Lambar shaida ita ce wadda aka fi mantawa da ita, alhali ita ta fi sauƙaƙa aiki. Idan da kati aka cire, kamar a POS ko ATM, a nemi RRN, mai lamba 12. Idan tura kuɗin aka yi zuwa wani banki, a nemi Session ID, mai lamba 30. In ba ta fito a alat ba, a duba rasit a manhajar banki, ko a nemi bayanan asusu a reshe. A kwafe ta uku-uku, a sake karantawa daga ƙarshe zuwa farko, domin lamba ɗaya in ta kuskure, wata cirar za a nemo ko a ce ba a ga komai ba.

Ga saƙon bayan gyara (lambobin na misali ne):

"Zuwa ga Manaja,
Ƙorafi kan cire kuɗi ba da izinina ba. Sunan asusu: (cikakken suna). Lambar asusu: 0123456789.
Ranar Talata, 4 ga Maris 2025, an cire kuɗi sau biyu da katina mai ƙarewa da 4417:
1. Ƙarfe 11:42 na dare, N18,500.00, RRN 506312004871.
2. Ƙarfe 11:47 na dare, N7,250.00, RRN 506312004902.
Jimla N25,750.00. Ba ni na yi ba, ban ba kowa izini ba, kuma katin yana hannuna. Na sa an toshe shi ranar 5 ga Maris. Ina neman a bincika a dawo da kuɗin cikin asusuna, a kuma ba ni lambar ƙorafi. Na haɗa da hoton alat biyun."

A lura da jimlar "ba ni na yi ba". Wanda ya je POS kuɗi suka fita amma ba su shiga ba, matsalarsa daban ce, kuma hanyar da banki ke bi wajen binciken ta daban. Idan ba a fayyace ba, sai a jefa ƙorafin inda ba nan ne wurinsa ba. Haka kuma, idan an taɓa karanta wa wani lambar OTP a waya, a faɗi gaskiya, domin bincike zai nuna.

Kada a rubuta PIN, ko OTP, ko lambobi ukun da ke bayan kati, ko cikakkiyar lambar kati. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayar PIN ko OTP. Wanda zai fassara maka saƙon zuwa Turanci ma bai buƙace su ba. Ka dai gwada lambobin da ya kwafa da na alat.

Idan reshe aka kai takardar, a yi kwafi biyu, a sa su buga hatimi da kwanan wata a kan ɗaya a riƙe. Idan mako biyu suka wuce ba a warware ba, ana iya kai ƙorafin Sashen Kare Haƙƙin Abokan Ciniki na Babban Bankin Najeriya, tare da wannan kwafin da lambar ƙorafi.

Aiki: Ɗauki wani tsohon alat a wayarka, ka fitar da rana, lokaci, adadi da lambar shaida, ka rubuta su a layi ɗaya kamar na misalin sama.