Yadda ake hidda awowin aiki na kowane sarwis sati-sati daga fishiyen fwantaj da tablo kwaraze na Excel

Ƙarshen wata ya zo, mashin ɗin da ma'aikata suke aza yatsa ya ba ka fishiye mai layi kusan ɗari tara, shef kuma yana son kafin tashi ya ga awa nawa kowane sarwis ya yi a kowane sati. Na ga mutane a biro-biro nan Yamai suna yin wannan aiki da filtir da kalkilatiris, su tace sarwis guda su tara su rubuta a takarda su koma na gaba, har la'asar ba su ƙare ba, kuma in kuran ya ɗauke a tsakiya a sake daga farko. Abin da yake yin wannan aikin shi ne `Tableau croisé dynamique`, a Excel na turancin Ingilishi `PivotTable`. Gina shi minti biyu ne. Aikin gaske yana ga gyaran fishiyen kafin ka kai gare shi, don tablon ba ya gardama, duk abin da ka ba shi zai tara maka, ko ƙarya ce.

Misalin da zan bi watan Maris na 2025 ne, Excel na Faransanci, fishiyen yana da kolon biyar: A `Date`, B `Matricule`, C `Service`, D `Entrée`, E `Sortie`. Kowane layi mutum guda ne a rana guda. Sarwis ɗin da za mu sa wa ido shi ne `Atelier`, mutum 12 ne, suna shiga ƙarfe 8 su hita ƙarfe 16, Litinin zuwa Juma'a, ke nan sati cikakke awa 480 ya kamata mu gani. Ka riƙe wannan lamba, da ita za mu riƙa kama kuskure.

Farko dai kar ka taɓa fishiyen asali, ka yi kwafi ka yi aiki a kanta. In ka buɗe ka ga komi ya cunkushe cikin kolon A, ba lalacewa ya yi ba, mashin ɗin ya raba da waƙafi ne alhali Excel na Faransanci yana jiran waƙafi mai ɗigo. Ka zaɓi kolon A, ka je `Données` sannan `Convertir`, ka zaɓi `Délimité`, ka sa alama ga `Virgule`. A mataki na ukku ka tsaya ka duba kwanan wata da kyau, wasu mashin suna rubuta wata kafin rana, irin na Amirka, `03/05/2025` a wurinsu 5 ga Maris ne amma Excel ɗinka zai karanta shi 3 ga Mayu. In haka ne sai ka zaɓi `Date` ka sa `MJA`. Alamar da take nuna an samu wannan matsala ita ce kwanakin 1 zuwa 12 suna jingine dama, daga 13 zuwa sama sun jingina hagu don sun zama rubutu kawai ba kwana ba. In fishiyen ya riga ya rabu da kansa a haka, rufe shi ba tare da ka ajiye ba ka sake shigo da shi ta `Données`, gyaran hannu a nan ɓata lokaci ne.

Sai ka goge layukan sama da mashin yake sawa, sunan ma'aikata da ranar hidda rahoto, da duk wani layin jimilla da yake ƙasa. Layin farko ya zama sunayen kolon kaɗai, kowane kolon da sunansa. Ka danna cikin bayanan, `Insertion` sannan `Tableau`. Amfanin wannan sai watan gobe za ka gan shi, in ka liƙa sabbin layuka a ƙasa suna shiga da kansu.

Yanzu kolon ukku za mu ƙara. Na farko F, mu kira shi `Service_OK`:

```
=SUPPRESPACE(C2)
```

Dalili, wani ya rubuta `Atelier` da fili a ƙarshe lokacin da yake shigar da sabon ma'aikaci cikin mashin, ido ba ya ganin filin amma tablon zai hiddo maka `Atelier` har sau biyu, ɗaya 440 ɗaya 40. Manya da ƙananan baƙaƙe ba su da matsala, yana haɗa su. Amma `Compta` da `Comptabilité` kam sai ka daidaita su da kanka da `Remplacer`.

Na biyu G, `Lundi`, wato ranar Litinin ta satin da layin ya faɗa ciki:

```
=A2-JOURSEM(A2;3)
```

Wannan 3 ɗin yana sa a ƙirga Litinin sifili, Talata 1, har Lahadi 6. Laraba 5 ga Maris an cire mata 2 ta koma 3 ga Maris, haka duk kwanakin satin nan za su koma 3 ga Maris. Wasu sun fi son lambar sati da `NO.SEMAINE.ISO`, tana aiki, amma ni ba na sonta don shef in ya ga "sati na 11" sai ya tambaye ka wane kwana ke nan, kuma ƙarshen shekara tana rikitarwa, 30 ga Disamba 2024 a ƙidayar nan sati na 1 ne na 2025. Da kwanan Litinin babu wannan. In gidan ya nuna lamba irin dubu arba'in da biyar da wani abu, ka sa masa tsarin `Date` kawai.

Na ukku H, `Heures`, kuma nan ne nake so mu daɗe. Abin da kowa yake fara rubutawa shi ne hita a cire shiga. Ga masu aikin rana ya yi, amma mai gadi da ya shiga ƙarfe 19 ya hita ƙarfe 7 na safe zai ba ka lamba ƙasa da sifili. Maganinsa `MOD`, sannan a ninka da 24 don Excel yana ajiye lokaci a matsayin yankin rana, ƙarfe 12 na rana a wurinsa 0,5 ne:

```
=MOD(E2-D2;1)*24
```

Mai gadi ya samu awa 12 ɗinsa daidai. Sai dai wannan formil tana da rami. Wanda ya shiga ƙarfe 8 ya manta bai aza yatsa ba da zai tafi gida, gidan `Sortie` ɗinsa wayam ne, Excel ya ɗauke shi tsakar dare, ya rubuta masa awa 16. Babu jan rubutu babu gargaɗi, lamba ce mai kama da gaskiya, kuma in ta wuce har wurin kwantabul kuɗin ƙarin awa ne za a biya a kan aikin da ba a yi ba. Don haka wannan nake amfani da ita:

```
=SI(NB(D2:E2)=2;MOD(E2-D2;1)*24;0)
```

`NB` lambobi kaɗai yake ƙirgawa, in ɗaya daga cikin biyun babu, ko ya shigo a matsayin rubutu, layin zai ba da sifili, sifili kuwa sauƙin nema gare shi. Ka sa wa kolon ɗin tsarin `Nombre`, in ba haka ba zai iya nuna maka `00:00`. Ka tuna kuma 7,5 awa bakwai da rabi ne, ba awa bakwai da minti hamsin ba. In a wurinku ana cire lokacin hutun rana, nan ne za ka cire shi, ba cikin tablo ba.

To yanzu tablon. Danna cikin bayanan, `Insertion`, `Tableau croisé dynamique`, ka bar shi a `Nouvelle feuille de calcul`. A dama za ka ga sunayen kolon da akwatuna huɗu a ƙasa. Ja `Service_OK` zuwa `Lignes`, ja `Lundi` zuwa `Colonnes`, ja `Heures` zuwa `Valeurs`. Daga Excel 2016 zuwa sama yana iya tattara kwanakin da kansa ya mai da su watanni, in ka ga haka ka danna dama a kansu ka zaɓi `Dissocier`. Akwai kuma hanyar `Grouper` da kwana 7 ba tare da kolon G ba, amma sai ka gyara ranar farawa ta zama Litinin da hannu, in ka manta, a Maris ɗin nan satinka zai fara daga Asabar don 1 ga wata Asabar ce. Shi ya sa na bar ta.

Duba abin da aka rubuta cikin `Valeurs`. Ya kamata ya zama `Somme de Heures`. In `Nombre de Heures` ne, layuka yake ƙirgawa ba awowi ba, za ka ga `Atelier` da 60 a maimakon 480, wato mutum 12 sau kwana 5. Ka danna shi, `Paramètres des champs de valeurs`, ka zaɓi `Somme`, amma ka koma ka duba kolon H don yawanci rubutu ne ya shiga ciki.

Ga abin da ya hito ma `Atelier`: satin 3 ga Maris 480, satin 10 ga Maris 440, satin 17 kuma 480. Ina 40 ta tafi? Danna 440 ɗin sau biyu, Excel zai buɗe sabon shafi da layuka 60 da sunka haɗa lambar. Biyar daga ciki sifili ne, duk ba su da `Sortie`. Da formil ta farko munka yi aiki da 520 za mu gani, kowane layi an ƙara masa awa 8. To 520 ba daidai ba ce, 440 ma ba daidai ba ce, bambancin kawai 440 ta nuna maka inda za ka tambaya. Ka kai wa shef na sarwis ɗin lambobin mutanen da kwanakin ya tabbatar da lokacin da sunka tashi, kar ka cika da ka, haƙƙin mutane ne. In ya ba ka, ka gyara cikin bayanan asali, wancan shafin da ya buɗe kwafi ne kawai, gyara a cikinsa ba ya zuwa ko'ina, goge shi ma ya fi. Bayan gyara ka danna dama a kan tablon ka zaɓi `Actualiser`, ba ya sabunta kansa, kuma wannan mantuwar ita ce ta fi kama mutane.

Wani abu da zai ba shef mamaki in ba ka faɗa masa ba, Maris guda zai hito da kolon shidda. Na farko 24 ga Fabrairu, cikinsa Asabar 1 da Lahadi 2 ga Maris kaɗai ne, kusan masu gadi ne kawai a ciki. Na ƙarshe 31 ga Maris, kwana guda. Waɗannan guntayen sati ne, ba a gwada su da sauran. In ana son a duba wanda ya wuce awa 40 na doka a sati, to a mashin ka hidda daga Litinin 24 ga Fabrairu zuwa Lahadi 6 ga Afrilu, sannan ka ja `Matricule` ƙarƙashin `Service_OK` cikin `Lignes` ka ga kowane mutum da nasa.

Kafin ka aika, a shafin bayanai cikin wani gida can gefe ka rubuta `=SOMME(H:H)` ka gwada da `Total général` na tablon. In sun bambanta, ko ba ka yi `Actualiser` ba, ko akwai filtir da ka manta a buɗe, ko layukan da ka liƙa sun faɗa wajen `Tableau`. In sun yi daidai sai ka tace kolon H a kan sifili ka ƙirga layukan da har yanzu ba su da amsa, ka rubuta adadinsu a ƙarƙashin tablon tare da sunan sarwis ɗin da ake jira.